A-Sake da Muryar Goggo Jiniya

Duk layin da shagonsa yake, babu mai kiransa da sunan yanka. A-Sake suke ce masa, tun zamanin da yake ɗaukar hoton fasfo da na iyali, don ba a taɓa ganin ya danna kyamara sau ɗaya ya ce ya yi ba. Sai ka gyara zama, ka daure ka yi murmushi, haske ya walƙa, ka fara miƙewa, sai ka ji ya ce, "Kai, ka ƙifta ido. A sake." Matarsa, wadda ke aiki a wani kantin magani, takan ce da a ce shi ya ɗauki hoton aurensu, da har yau suna tsaye.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, hoto ya daina riƙe gida. Maƙwabtansa masu irin sana'ar suka koma sayar da caja da rigar waya. Shi kuwa ya ƙi. Ya sayi kyamarar bidiyo ta hannu, da makirfo ɗan ƙarami da ake maƙalawa a wuyan riga, ya zauna gaban kwamfuta ya koyi yanka da haɗawa, gemu ya fara furfura yana ɗalibi. Ya shiga ɗaukar tarurruka da yaye ɗalibai. A nan ne kunnensa ya buɗe, ya gane abin da har gobe yake gaya wa duk wanda ya tsaya sauraronsa: mutane za su iya haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma in murya ba ta fita, ko minti guda ba sa yi sun kashe.

Mahaifinsa ya yi aiki a masaƙar da ke bayan gari har ta rufe. Kamar kusan duk wanda ya daɗe a ɗakin injuna, ya fito da kunne rabi. A gidansu ba a hira sai da ihu, baƙo ya shigo ya ɗauka faɗa ake yi. Tsohon ya rasu ya bar hotuna cike da akwati, duk A-Sake ne ya ɗauke su, amma ko gaisuwarsa ba a naɗa ba. Wannan abu ya daɗe yana cin A-Sake a rai. Shi ya sa da ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙar ta nemi ya haɗa mata bidiyon hira da za a nuna a taronta, ba su gama bayani ba ya ce ya karɓa.

Rigimar ta fara tun daga wa za a yi hira da shi. Shugaban ƙungiyar, wani dogon dattijo da ya taɓa zama akawu a ofishin masaƙar, ya ce a fara da shi, sai mataimakinsa, sai sakatare, sai ma'aji.

"Ranka ya daɗe," in ji A-Sake, "duk waɗannan a ofis suka yi aiki. Ina son wanda ya tsaya gaban inji, ya ga abu da idonsa, kuma in ya buɗe baki a so a ji."

"To mu ba mu da baki ke nan?"

"Kuna da shi. Amma ai ba jawabi za a yi ba, hira ce."

Ba yadda ya iya, ya ɗauki Shugaba. Ya zaunar da shi fuskantar taga, ya kashe fanka, ya maƙala masa makirfo, ya tambaye shi yadda ranarsa ta farko a masaƙa ta kasance. Shugaba ya gyara murya, ya zaro takarda daga aljihu, ya fara godiya ga manyan baƙi da ba su wurin. A-Sake ya ce a sake. Aka sake, ya kuma zaro takardar.

Sauran mutanen sai ya bi su gida-gida ba tare da kyamara ba, don ya fara jin bakinsu kafin ya zaɓa. A haka ya samu wani tsohon makanike mai gyaran injunan saƙa, wanda in yana ba da labari har da kwaikwayon ƙarar inji da baki. A-Sake ya yi masa bayani dalla-dalla: za a nuna a taro, daga baya a sa a intanet inda kowa zai iya gani, kuma ba abin da zai fita sai ya fara kallo ya ce ya yarda. Makanike ya ce ko yanzu a fara. Ranar ɗauka, A-Sake ya kwaso kaya a bayan babur, ya kafa kyamara, ya jawo waya, yana cikin gwada makirfo sai babban ɗan tsohon ya shigo.

"Malam, tattara kayanka. Ba za a sa mahaifinmu a intanet yara su riƙa yanka shi suna dariya ba."

"Ai shi da kansa ya amince."

"Mu ba mu amince ba."

A-Sake ya dubi tsohon. Tsohon ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya ce wa A-Sake a hankali, "Ɗana, a bar shi kawai." Shi ke nan. In mutum ya janye da bakinsa, babu sauran magana. A-Sake ya naɗe wayoyinsa, ya fito yana huci, har ya manta murfin kyamara sai da aka biyo shi da shi.

Duk gidan da ya shiga kuwa, magana ɗaya yake ji: in kana son labarin masaƙa, nemi Goggo Jiniya. Ita ce ta shugabanci matan ɗakin saƙa, kuma an sa mata sunan ne don muryarta kaɗai ke ratsa ƙarar injuna. Matsalar ita ce Goggo ba ta ƙasar. Tana can wurin 'yarta, wata nas da ke aiki a asibiti a ƙasar waje, kuma ba ta da ranar dawowa.

Samun lambar Nas ya ci makonni. Samun Nas ɗin kanta ya fi haka wuya, don in ya kira tana bakin aiki, in ta kira shi yana kan babur. Da suka haɗu a waya, ta yi masa tambayoyi kamar mai neman auren uwarta. Wane ne kai? Wa zai gani? In Mama ta faɗi abin da bai kamata ba fa?

"Za ku kalla kafin kowa," in ji shi. "Abin da ta ce a cire, zan cire."

"Ka yi alkawari, Malam?"

"Na yi."

Sai aka zo kan yadda za a ɗauka. Hoto dai, ya haƙura da abin da kiran bidiyo zai ba shi, zai naɗa daga kwamfutarsa. Murya ce bai yarda ya dogara da kira ba, don sabis na yanke magana, ya matse ta, ta koma kamar daga cikin gwangwani. Ya zauna ya yi wa Nas darasi. Kira a kwamfutarta za a yi. Wayarta kuma a buɗe manhajar naɗar murya, a ajiye ta a kan tebur gaban Goggo, tazarar kamar kamu ɗaya daga bakinta, a ɗora ta kan tawul don kada ta kwashi motsin tebur. A danna alamar jirgin sama, kada wani ya kira ya katse naɗin. A sa wa Goggo abin kunne da aka jona da kwamfutar, don kada muryarsa ta fito ta sifika ta shiga wayar. A zaɓi ɗaki mai labule da kafet, a rufe taga, a kashe duk abin da ke gurnani. In an fara, a tafa sau ɗaya da ƙarfi, da wannan tafin zai daidaita murya da hoto daga baya.

"Malam," in ji Nas, "ko ɗakin tiyata ba mu da wannan dokoki."

Ranar farko sabis ya ƙi. Rana ta biyu aka kira Nas aiki. A ta uku, da hantsi, fuskar Goggo ta bayyana a kwamfutarsa: 'yar tsohuwa ƙarama, da tabarau a karan hanci, tana leƙen allon kamar mai duba rijiya.

"Goggo, ina kwana?"

"Matso da bakinka in gani," ta ce. "Mu da ido muke ji."

A nan ya tuna. Mutanen ɗakin saƙa da kallon leɓe suke gane magana, haka mahaifinsa ma yake yi. Ya matso da fuskarsa, ya ƙara haske. Amma hoto na zuwa mata baya da murya, wani lokaci ya daskare yana buɗe da baki, sai ta juya ta ce wa 'yarta, "Yaron nan ya suma ne?" Dole ya riƙa gajarta tambaya, ya faɗa a hankali, ya yi shiru ya jira.

Aka yi gwaji. Goggo ta gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai jin nauyin baƙo. Nas ta turo ɗan guntun, ya saurara, tas. Aka danna naɗi, Nas ta tafa, ya sake yi wa Goggo bayanin inda za a nuna, ya tambaye ta ko ta yarda, ta ce, "Na yarda mana, in ban yarda ba me ya zaunar da ni?" Nas ta ce bari ta fita da yara kada su yi surutu, ta ja ƙofa.

Daga nan Goggo ta buɗe. Ta faɗi yadda ta shiga masaƙa tana yarinya mai goyo, yadda auduga ke kwanciya a gira da hanci, yadda suke zagin mai duba aiki a gabansa da leɓe kawai shi bai sani ba. Ta kwaikwayi tafiyarsa, ta kama sunansa, ta faɗi laƙabin da suka sa masa, A-Sake ya toshe baki da hannu kada dariyarsa ta shiga. Ta tuna mahaifinsa, ta ce mutum ne mai tsantseni, in zare ɗaya ya kauce sai ya tsayar da inji. Sai ta zo kan ranar da aka rufe. Ta ce sun zo da safe suka tarar da sarƙa a ƙofa, ba ƙara, ba komai, har tana jin kukan tsuntsu a wurin da ta yi rabin rayuwarta ba ta taɓa sanin akwai tsuntsaye ba. Muryarta ta karye. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. A-Sake ya bar naɗin yana tafiya. Tunda yake aikin nan bai taɓa samun hira irin wannan ba.

Ya roƙi Nas ta turo ainihin fayil ɗin, kada ta aiko shi a matsayin saƙon murya don manhaja za ta matse shi. Da yamma ya iso. Ya sa a kwamfuta, ya nemo tsinin tafin, ya daidaita, ya sa abin kunne, ya danna.

Farkon lafiya lau. Da Goggo ta fara zafi sai ƙarar ta canza. Aka ji ƙwas-ƙwas na hannu, sannan muryarta ta cika kunnensa tana tsagewa kamar ana yaga yadi, kowace "f" da "b" tana bugawa bum. Ya dubi zanen sautin a allo. Maimakon ya riƙa hawa da sauka, ya zama katanga, sama da ƙasa a aske. Ya gane abin da ya faru. Abin kunnen ya toshe mata ɗan jin da ya rage na muryarta, sai ta ƙara ɗagawa. Ga shi kuma da labari ya yi daɗi ta jawo wayar ta riƙe ta ƙarƙashin haɓa, daidai inda hoton kira bai kai ba. Shi kuwa ta kira yake sauraro, kira kuma yana rage ƙarar da kansa, don haka bai ji komai ba.

Ya koma kan muryar da ya naɗa daga kiran, wadda ya ajiye don ko-ta-kwana. Ita ba ta tsage ba, amma siririya ce, kuma sabis ya cinye mata kalmomi. A daidai wurin tsuntsaye ma, rabin jimlar babu.

Matarsa ta dawo daga aiki ta biyo ta shagon, ta same shi ya dafe kai.

"Baban yara, wa ya mutu?"

"Murya ta fashe."

"To gyara ta mana. Ba kai ne mai kwamfuta ba?"

"In ƙara ta yi ƙasa ana ɗaga ta. In ta wuce iyaka ta fashe, abin da ya zube ya zube. Sai dai a ɗan lallaɓa."

"To ka ce a sake. Ai ba yau ka fara ba."

Ya ce a sake. Nas ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, amma ta ba shi rana. Wannan karon aka ajiye wayar nesa kaɗan, aka cire wa Goggo abin kunne ɗaya don ta riƙa jin kanta, Nas ta zauna a gefe tana gadi. Murya ta fito kamar a gidan rediyo.

"Goggo, ki ba ni labarin ranar da aka rufe masaƙa."

"Ba na gaya maka ba?"

"Kin faɗa. Ina so ki ƙara."

"Mun je, an rufe, muka dawo."

"Tsuntsayen fa?"

"Waɗanne tsuntsaye? Kai yaro, abin da na faɗa jiya ban canza ba."

Ya bi ta nan, ya bi ta can. Da 'yarta zaune kusa tana zare mata ido duk sanda ta kai hannu wajen wayar, Goggo ta zama kamar mai ba da shaida a kotu. Ya gama ya kashe kira, ya buga tebur har linzamin kwamfuta ya faɗi ƙasa. Yanzu yana da hira biyu a hannu, ɗaya mai rai da fasasshiyar murya, ɗaya tsaf-tsaf ba komai a cikinta.

Ta farkon ya zaɓa. Ya yi kwanaki yana ɗinki. Inda Goggo ta sassauta, ya ɗauki muryar waya. Inda ta fashe, ya ɗauko ta kira, in sabis bai cinye wurin ba. Inda duka biyun suka lalace, ya rage kaushin iyakar iyawarsa, ya sa rubutu a ƙasan hoto. Ya cika alkawari, ya tura wa Nas.

Amsa ta zo da sauri. "Malam, a cire wurin da Mama ta yi kuka. Ba za a nuna uwata tana hawaye duniya ta gani ba."

Wurin nan kuwa shi ne zuciyar aikin. Ya ce, "Na ji. Amma don Allah ita ta kalla, ta faɗa da bakinta. Abin da ta ce shi zan yi."

Aka kira shi da bidiyo, Goggo ta kusa manna fuska da allo. "Kukan a bar shi," ta ce. "Na yi, ba ƙarya ba ne, duk wadda ke wurin ran nan ta yi." Nas ta buɗe baki, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. A-Sake ya fara sakin numfashi, sai ta ci gaba. "Amma maganar mutumin nan mai duba aiki, cire ta duka. Ya rasu, yana da 'ya'ya da jikoki. Baki ne ya kwashe ni."

"Goggo, in na rufe sunan kawai fa?"

"Kowa ya san shi. Cire."

Wurin da ya fi ko'ina ban dariya ke nan, kuma, don ƙarin haushi, yana daga cikin 'yan wuraren da murya ta fita lafiya. Ya zauna yana jujjuya dabara. Ya ce wa matarsa zai bar hoton tana kwaikwayon tafiyar, ya kashe muryar, ya ɗora wata magana a kai.

"Su wa za su kalla?" in ji ta.

"Tsofaffin ma'aikata."

"Waɗanda kai da kanka ka ce da ido suke ji?"

Nan ya gane za su karanta leɓenta. Sannan ya juya, ya zaɓi wurin daga farko zuwa ƙarshe, ya yanke.

Ranar taro aka cika ɗakin ƙungiya, aka haska bidiyon a farin bango. A-Sake ya kasa zama. Ya tsaya a bayan ɗaki kusa da sifika, duk inda muryar ta tashi daga waya ta koma ta kira sai ya runtse ido, kamar an taka masa ƙafa. Tsofaffin ba su motsa ba. Da aka zo kan sarƙar ƙofa, mata biyu a layin gaba suka riƙe hannun juna, wani dattijo ya tashi ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ana kunna fitila Shugaba ya nufo shi. "Na yi maka bayani mai tsawo, ka bar mini gaisuwa kawai?"

"Ranka ya daɗe, lokaci ne."

"Za mu tattauna a kwamiti."

Bai gama da shi ba wata mata ta tare shi, ta ce mahaifiyarta ta riga Goggo Jiniya shiga masaƙa, tana nan cikin gari, tafiyar ƙafa daga shagonsa, me ya sa ba a neme ta ba? Duk yawon da ya yi, ba wanda ya taɓa ambata masa ita.

"Tana magana?" ya tambaya.

"Sai dai ka gaji."

"Tana da 'ya'ya maza?"

"Ni kaɗai ce."

Ya ce to ta tambaye ta tukuna, in ta yarda zai je ya gaishe ta, ba kyamara, su fara hira. Matar ta tafi. Ya durƙusa yana naɗe wayar sifika a gwiwar hannu, matarsa na riƙe masa jaka, ya ce mata gobe da sassafe yana da yaye ɗalibai, kuma bai yi cajin batir ba.